Mai gida ya ƙi ba ni shaidar biyan haya: da wace irin Faransanci zan rubuta masa?

Tambaya: Malam, ni ɗan Damagaram ne, ina aiki a Liyon ta ƙasar Faransa. Katin zamana zai ƙare a ƙarshen Yuni, kuma an ce in kawo shaidar wurin zama. Kowane wata ina biyan Yuro 540 ta banki, amma mai gida bai taɓa ba ni takarda ba. Sau biyu na tura masa saƙo da gaisuwa da ban haƙuri, shiru. In sake roƙonsa ne, ko in kashe kuɗi in aika wasiƙa mai rajista?

Amsa: Ɗan'uwa, ka daina roƙo, domin abin da kake nema haƙƙinka ne. Takardar sunanta *quittance de loyer*, kuma sashe na 21 na dokar haya ta 6 ga Yuli 1989 ya wajabta wa mai gida ya ba da ita kyauta ga duk ɗan hayar da ya nema. Ba shi da ikon cajinka ko kuɗin kan sarki. Dole kuma takardar ta raba kuɗin haya da kuɗin hidimomin gida, wato idan 540 ɗin naka 480 ne na ɗaki da 60 na ruwa da shara, haka za a rubuta su daban-daban. Sharaɗi ɗaya ne a kanka: ka biya watan cif. Wanda ya biya rabi, *reçu* kawai doka ta ce a ba shi, shaidar karɓar abin da ya kawo.

Ina kyautata zaton na san yadda saƙonninka biyu suka kasance, tunda haka aka rene mu duka. Mun fara da sallama, mu tambayi iyali da aiki da sanyi, mu nemi gafarar damun mutum, sai can ƙasa mu saƙala buƙatar kamar muna jin kunyarta. A wurinmu wannan shi ne mutunci. Bafaranshe kuwa idan ya karanta, abin da yake fahimta shi ne maganar ba ta gaggawa ba ce, tunda kai da kanka ka ce idan ya samu sarari. Ladabin wasiƙarsu a wuri biyu yake zaune, kai da wutsiya, kuma jimlolin a shirye suke, kowa su yake kwafa. Tsakiya kuma ƙashi ne ba tsoka: me kake so, na wane wata, zuwa wace rana.

Fara da imel, ba sai ka kashe ko sisi ba. A layin batu ka sa *Demande de quittances de loyer*, ka bi shi da adireshin gidan. Sai ka rubuta:

*Monsieur,*

*Locataire du logement situé au [adireshi], je vous saurais gré de bien vouloir me transmettre les quittances de loyer des mois de janvier, février et mars, avant le 25 mars. Ces documents me sont demandés par la préfecture. Vous trouverez ci-joint les justificatifs de virement.*

*Je vous prie d'agréer, Monsieur, l'expression de mes salutations distinguées.*

Shi ke nan, sai sunanka. Ka duba abin da jimla uku suka ɗauka. Ka faɗi ko kai wane ne a wurinsa, ka ambaci watanni da sunansu, ka sa rana, ka ba da dalili, sannan ka haɗa shaidar tura kuɗi ta banki don kada ya ce sai ya bincika.

Akwai wurare uku a cikin wannan 'yar wasiƙa da mutanenmu ke yawan tuntuɓe, har da waɗanda suka yi karatu mai zurfi. Na farko *je vous saurais gré*. Da yawa suna rubuta *je vous serais gré*, wanda kuskure ne, don kalmar daga *savoir* ta fito. Idan kana tsoron mantawa, sa *je vous serais reconnaissant de bien vouloir*, ma'anarsu ɗaya. Na biyu, yadda ka kira mutum a sama haka za ka maimaita a rufewa, harafi da harafi. Ka buɗe da *Monsieur*, ka rufe da *Monsieur*. Idan kamfanin dillancin gidaje ne ba ka san wanda zai karanta ba, *Madame, Monsieur* a sama da ƙasa. Ba a kuma sa sunan mahaifin mutum a wurin kiran. Na uku, idan ka fara rufewa da *Dans l'attente de votre réponse*, abin da zai biyo baya dole ya zama *je vous prie d'agréer*, kada ka sa *veuillez agréer*, saboda kai ne kake jira, don haka kai ne za ka ci gaba da magana. *Cordialement* kuma ka ajiye shi sai ya amsa kun fara musayar saƙo. Ko da kuna ce wa juna *tu* a bakin ƙofa, a rubuce ka tsaya kan *vous*, don wata rana wani na uku zai iya karanta takardar.

Ka ba shi kwana takwas. Idan bai motsa ba, to lokacin wasiƙa mai rajista ya yi, wadda a gidan waya ake kira *lettre recommandée avec avis de réception*. Kuɗinta bai kai Yuro 10 ba ga takarda ɗaya ko biyu, kuma ni a ganina babu kuɗin da za ka kashe a wannan lamari da ya fi wannan amfani. Abin da kake saya shaida ce: ɗan rasit mai ranar aikawa, da kati mai sa hannun wanda ya karɓa. Ka tabbata ka zaɓi mai katin dawowa, don akwai mai rajista marar shi. Idan bai je ya karɓa ba, gidan waya zai riƙe ta kwana 15 sannan ya dawo maka da ita. Kada ka buɗe ambulan, ajiye shi a rufe yadda ya dawo, shi ma shaida ne.

A wannan wasiƙa murya takan sauya, amma kai da wutsiya suna nan yadda suke. A batu ka sa *Mise en demeure*, wato gargaɗi na ƙarshe kafin a kai ƙara, a tsakiya kuma:

*Malgré ma demande du [rana], restée sans réponse, je n'ai pas reçu mes quittances. Conformément à l'article 21 de la loi du 6 juillet 1989, je vous mets en demeure de me les adresser sous huit jours.*

Na san Bahaushe zai ji nauyin rubuta wa dattijo haka, ya ga kamar ya yi masa tsawa. Ba haka suke ɗaukarsa ba. Mutum zai rubuta wannan, ya rufe da *salutations distinguées*, gobe su gaisa a matakala. Abin da ke ɓata wasiƙa shi ne zafin rai: manyan haruffa, zargi, ko barazanar daina biyan haya. Wannan na ƙarshe ma kada ka kusance shi, domin ranar da ka riƙe kuɗin haya kai ne ka koma mai laifi. Idan har wannan bai yi ba, je ofishin ADIL na yankinku, suna ba 'yan haya shawarar doka kyauta.

Kada kuma ka ɗaure takardunka a ƙafar mutum ɗaya. Ana shigar da buƙatar sabunta kati ta intanet tsakanin wata huɗu da wata biyu kafin ƙarewarsa, don haka kai daga farkon Maris zuwa ƙarshen Afrilu ne lokacinka. Takardar kuɗin wuta, ko ta gas, ko ta intanet na gida da ke ɗauke da sunanka da adireshinka, wadda ba ta wuce wata shida ba, tana tsayawa a matsayin shaidar wurin zama. Idan kana da ɗaya, shigar da ita yau, ka ci gaba da bin mai gida a hankali.

Tambaya: Malam, na shigar da takarduna ta intanet tuntuni, katina ya kusa ƙarewa, ba labari. A Maradi mun saba buɗe wasiƙar hukuma da *J'ai l'honneur de solliciter de votre haute bienveillance*. In rubuta wa perefe, shugaban ofishin da ke ba da katin zama, haka?

Amsa: 'Yar'uwa, ba wanda zai yi watsi da wasiƙarki saboda wannan jimla, amma a Faransa ta tsufa. A Nijar tana nan da ranta a takardun neman aiki da na hukuma, kuma a can ita ce daidai. A nan ma'aikacin da zai buɗe wasiƙar yana da tarin irinta a gabansa, idonsa lamba yake nema. Saboda haka a ƙarƙashin batu ki sa *numéro étranger* ɗinki, lambar nan mai alƙaluma 10 da ke jikin katin, da ranar haihuwarki, da lambar buƙatar da ANEF, shafin gwamnati da kika shigar da takardunki a cikinsa, ya ba ki. Sunanki kuma ki rubuta shi daidai yadda yake a fasfo. Mu da muke da Hadiza a wata takarda, Hadizatou a wata, wannan kaɗai kan sa a kasa gano fayil.

Ki buɗe da *Monsieur le Préfet* ko *Madame la Préfète*, bayan kin duba a shafin ofishin ko namiji ne ko mace ke riƙe da kujerar. Sannan ki nemi abu ɗaya tak, da sunansa na hukuma. Abin da kike buƙata shi ne *attestation de prolongation d'instruction*, takardar da ke nuna zamanki na kan ƙa'ida yayin da ake duba buƙatarki, ga wadda ta shigar da cikakkun takardu a kan lokaci:

*J'ai déposé le [rana] une demande de renouvellement de mon titre de séjour, qui expire le [rana]. Je sollicite la délivrance d'une attestation de prolongation d'instruction.*

Idan aikinki na cikin haɗari, jimla ɗaya ta isa: *Mon employeur me réclame ce document pour maintenir mon contrat.* Ki haɗa kwafin wasiƙar mai aikin, ki jera abin da kika haɗa a ƙasa bayan *Pièces jointes*. Kwafi kawai za ki aika, na asali su zauna a hannunki. Rufewa ga perefe ta ɗan fi ta mai gida nauyi: *Je vous prie d'agréer, Madame la Préfète, l'expression de ma considération distinguée.*

Ki fara duba akwatinki na ANEF, don nan ake ajiye takardar idan ta fito, wani lokaci ba tare da kin lura ba. Idan babu, tura saƙo ta shafin, ki ɗauki hoton allon da ke nuna rana, sannan ki aika wannan wasiƙar da rajista a mako guda. Ki rubuta ranar da kika shigar da buƙatar a wuri mai kyau, domin a mafi yawan katunan zama, shirun wata huɗu daga wannan rana doka na ɗaukarsa a matsayin an ƙi, kuma daga nan ne lauya zai fara lissafi idan abin ya kai ga kotu.