Shafin kantina yana nauyin buɗewa, daga ina zan fara?

"Salam 'yan uwa. Ina sayar da atamfa da shadda a shafin WordPress, amma a waya sai ya daɗe bai buɗe ba, kwastomomi na ta ƙorafi. In canza kamfanin da ke ajiye min shafin ne?"

Wa alaikumus salam Hajiya. Kada ki kashe kuɗinki tukuna. A shafukan 'yan kasuwa da na gyara, yawanci hotuna ne ke jawo nauyin. Ki sa adireshin shafinki a PageSpeed Insights, shafin Google mai auna saurin buɗewa, ki duba sakamakon waya, ki nemi LCP, wato lokacin da babban abin da ke saman shafi ke ɗauka kafin ya fito. Ana so kada ya wuce daƙiƙa 2.5.

Hoton da aka ɗauka da waya yakan kai faɗin fiksel 4000, nauyinsa wajen megabait 4. In kin jera guda 20, megabait 80 ke nan mai saye zai sauke da datarsa don kawai ya ga kaya. Ki rage faɗin zuwa 1200, ki mayar da shi WebP, wani tsarin hoto mara nauyi. Squoosh na yi kyauta a burauza, in kuma mai kula miki da shafin ya fi son umarni:

```
cwebp -q 80 -resize 1200 0 atamfa.jpg -o atamfa.webp
```

Kowane hoto zai sauko wajen kilobait 200, gaba ɗaya megabait 4. Sai dai atamfa ba ta son matsi da yawa. Zanenta ƙanana ne, in aka matse sosai sai gefen fure ya dusashe, sheƙin shadda ya koma dabbare-dabbare, mai saye ya ɗauka ƙaramin kaya ne. Ki zuƙo hoton ki gani da idonki kafin ki ɗora. Hotunan ƙasa a sa musu `loading="lazy"` don kada su sauko sai an kusa isa gare su, amma ban da na farko a sama, don jinkirta shi ƙara ɓata LCP yake.

Bayan haka sai ajiyar wucin gadi, yadda saba, wato kwamfutar da ke ajiye shafin, ba za ta riƙa haɗa shi daga farko ga kowane baƙo ba. Cikin manhajojin da ake ƙara wa WordPress, WP Super Cache ya isa, ko LiteSpeed Cache in sabarku LiteSpeed ce. Guda ɗaya dai, biyu rigima suke yi. Ki tabbata an ware shafin kwando da na biyan kuɗi daga ajiyar. Duk ranar da kika canza farashi kika ga tsohon na nan, ajiyar ce, ki share ta.

Na ga wani kanti da akwatin hira, da hotuna masu juyawa a sama, da abin nuna Instagram, kowanne da tarin JavaScript ɗinsa. Ni dai hotuna masu juyawan nan ban ga cinikin da suke kawowa ba. Ki kashe su ɗaya bayan ɗaya kina sake awo. Wanda ya zama dole, a sa wa JavaScript ɗinsa `defer` don kada ya tare fitowar shafin, sannan ki gwada maɓallin saye, don wani lokaci yakan daina aiki.

In duk an yi wannan har yanzu shafi na tsayawa fari fat kafin komai ya fara fitowa, to a nan ne za a yi maganar canza kamfani.