Ɗinki nake koyarwa ta waya: guruf zan buɗe ko shafi?

"Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina ɗinki kuma na fara koyar da shi ta waya. Wasu sun ce in buɗe guruf ko tasha ta mutanena kaɗai, wasu sun ce shafin kasuwanci na Facebook ya fi. Lokacina ba zai ɗauki duka biyun ba. Wanne zan kama?"

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya sa albarka a sana'a. Na daɗe ina riƙe da shafi da guruf na ɗalibai, shi ya sa na ga bai kamata in wuce ban ce komai ba.

Kafin ki zaɓa, ki duba mutum goma na ƙarshe da suka biya ki kuɗi. Nawa ne a ciki suka san ki tun da, nawa ne baƙi? In yawancinsu tsofaffin ɗalibai ne da kwastomomin da ke dawowa, kuma sun ishe ki aiki, guruf zai yi miki. In kuwa neman sababbi kike, shafi za ki fara da shi, kuma daga yadda kika ce yanzu kika fara koyarwa, ina ganin nan kike.

Dalili shi ne guruf na sirri, irin na WhatsApp, ba ya kawo baƙo. Wadda ba ta san ki ba, ba za ta taɓa cin karo da shi ba, ko da ta rubuta "koyon ɗinki" a wurin bincike, domin abin da ke ciki a rufe yake. Shafi kuwa a buɗe yake ga kowa. Wata za ta ga hoton rigar da kika ɗinka, ta tura wa ƙanwarta, ƙanwar ta shiga ta gangara ƙasa ta ga aikinki na watanni shida da abin da mutane suka faɗa a ƙarƙashinsa, sannan ta yi miki magana hankalinta a kwance. Wannan tarin aikin shi ne shaidarki. A guruf na WhatsApp, wadda ta shigo yau ba ta tarar da abin da aka yi jiya a jere yana jiran ta, sai ki yi ta maimaita bayani ɗaya ga kowace sabuwa. Kuma ranar da kika so biyan kuɗin talla a Facebook, shafi zai ba ki damar yin hakan.

Amma kada a ruɗe ki da yawan mabiya. Tun daga 2018 Facebook ya bayyana cewa zai fifita abin da 'yan'uwa da abokai suka wallafa a kan na shafukan kasuwanci, don haka mabiya dubu ba yana nufin mutum dubu sun ga abin da kika saka ba. Kaso kaɗan ne zai gani, sauran sai an yi ta tsokaci da turawa. Aikin shafi a same ki ne. Riƙe mutum bayan ya zo, wannan aikin guruf ne.

To a nan ne nake so in tsaya, domin nan mutane ke shan wahala. Guruf yana rayuwa ne idan mambobinsa suna da abin da za su faɗa wa juna. Ɗalibai suna da shi. Wata ta saka hoton hannun riga da ya tattare a kafaɗa, kafin ki duba waya wata ta riga ta ce mata ramin hannun ne ya yi ƙanƙanta, ta ƙara buɗe shi. Kin ga an rage miki aiki, su kuma sun ji kuɗinsu bai tafi a banza ba. Masu ba da ɗinki kuwa ba su da abin cewa da juna. In kika tara su wuri ɗaya, ko dai a yi tsit, ko a cika wurin da gaisuwa da saƙonnin da aka turo daga wani wuri, ko kuma ranar da kayan mutum ɗaya suka makara ta yi ƙorafi a gaban mutum 300. Kada ki haɗa ɗalibai da kwastomomi a guruf ɗaya ko kaɗan.

Sai maganar lambar waya. A guruf na WhatsApp, wanda ke ɗaukar har mutum 1,024, mambobi suna iya ganin lambobin juna. Na ga abin da hakan ya jawo a wani guruf da nake taya kula da shi. Mai shi ta saka mahaɗin shiga a fili, wani ya bi ya shigo, bai taɓa cewa uffan ba. Ya kwashi lambobi, ya ɗauki hotonta ya saka a tasa lambar, ya riƙa bin mata ɗaya bayan ɗaya yana cewa an canja asusun biyan kuɗin aji. Ba a farga ba sai da wata ta rubuto a guruf tana tambaya ko an ga kuɗinta. Don haka in kin buɗe, ki kunna Approve new members, kada kowa ya shiga sai kin amince, ki tura mahaɗin ga mutum shi kaɗai bayan ya biya, kuma in ya fita hannu ki canja shi da sabo, tsohon zai daina aiki. Ki kuma maƙale saƙo a sama cewa asusu ɗaya ne, ba ya canjawa ta saƙon sirri.

Tasha kuwa wani abu ne daban. Ta WhatsApp, wadda aka fito da ita a 2023, tana ɓoye lambobin mabiya, amma ke kaɗai ke magana, su sai alamar so da zaɓe, kuma ba ta sirri ba ce, ana iya nemo ta. Ta yi kyau don sanarwa, ba ta yi ba don aji, tunda ɗaliba ba ta da wurin nuna aikinta. In darussanki bidiyo ne masu yawa, Telegram ya fi dacewa: za ki iya buɗe tasha ta sirri, wadda ta shigo daga baya ta tarar da darasi na ɗaya har na ƙarshe, kuma mutum na iya ɓoye lambarsa. Matsalarsa, wasu ba sa buɗe shi kullum. Ki tambayi ɗalibanki tukuna. Kuma ki sani "sirri" yana hana baƙo shiga ne kawai, ba ya hana na ciki ɗaukar hoton allo, don haka ki riƙa sa sunanki a jikin bidiyon.

 

Da ni ce ke, shafi zan buɗe yanzu, in riƙa saka aiki sau biyu ko uku a mako, da maɓallin da ke kai mutum WhatsApp ɗina. Guruf sai an samu waɗanda suka biya, ko goma ne, kuma na aji ɗaya, a rufe shi in an gama. Hakan ba zai cinye miki lokaci ba, domin guruf mai ranar ƙarewa bai zama nauyin kullum ba. Don ki san ko yana raye, ki danna saƙonki ki riƙe, ki zaɓi Info, za ki ga waɗanda suka karanta. In bayan kwana biyu ko rabi ba su buɗe ba, sun rufe ƙararsa ne, sai ki rage yawan saƙo ki tsayar da lokaci ɗaya na darasi da kowa ya sani.