Hukuncin Rera Waƙa a Shago Ranar da Babu Ciniki

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ina sayar da atamfa da shadda a Kantin Kwari. Akwai ranakun da kasuwa ke mutuwa murus, musamman bayan Babbar Sallah, sai na wuni ban yi ko cinikin fari ba. Don kada zuciya ta ƙuntata nakan riƙa rera waƙa ina ninke kaya, wani lokaci kuma na kunna ta a waya na haɗa da ƙaramar sifika. Maƙwabcina ya ce duk haramun ne, ni nake korar wa layinmu albarka. Mene ne gaskiya?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, rerawa da bakinka daban take da abin da kake kunnawa a sifika, maƙwabcinka kuwa ya yi musu kuɗin goro.

Rerawa da baki, ba kiɗa, don a rage nauyin aiki, halal ce matuƙar kalmomin masu tsafta ne. A shekara ta 5 bayan hijira Sahabbai suna haƙa ramin Handaƙ cikin yunwa da sanyi suna rera baitoci, Annabi (SAW) yana amsa musu. A hanyar Haibara, shekara ta 7, Amir bin Akwa'u ya yi wa ayari waƙar kora raƙuma, Annabi ya tambayi ko wane ne, ya yi masa addu'ar rahama. Duka suna cikin Buhari da Muslim. Waƙar da iyayenmu mata ke yi a bakin turmi da dutsen niƙa ma ta wannan babin ce. Saboda haka ka auna abin da ke fita daga bakinka. Begen Annabi, waƙoƙin wa'azi irin waɗanda Nana Asma'u ta rubuta da Hausa mata suka haddace, waƙar haƙuri da neman na kai, duk babu laifi. Amma siffanta jikin mace, ko habaici ga na kusa da kai saboda mai saye ya tsallake ka ya shiga wurinsa, wannan haramun ne ko da maganarsa ka yi ba rerawa ba.

Inda aka sa kayan kiɗa, irin fiyanon da ke cikin yawancin waƙoƙin waya, nan ne maganar maƙwabcinka take da ƙarfi. Jumhurun malamai, har da mazhabarmu ta Malikiyya, sun hana. Ibn Abi Zaid ya faɗa a Risala cewa bai halatta mutum ya saurari kayan wargi da waƙa da gangan ba, kuma sun kafa hujja da hadisin ma'azif, wato kayan kiɗa, na Buhari da tafsirin Ibn Mas'ud ga aya ta 6 a Suratu Luƙman. Ibn Hazm ya saɓa musu, ya raunana hadisin, amma masana hadisi sun mayar masa da martani. Ni abin da nake ba ka fatawa da shi: ka bar mai kiɗa, ka nemi wadda murya ce zalla. Kiɗan da ya shigo kunnenka daga rediyon mai shayi ko Adaidaita Sahu mai wucewa kuwa ba a kama ka da shi, don ji daban, kasa kunne daban.

Sai sifikar, wadda ita ce na fi jiye maka. Na san yadda shagunan Kwari suke manne da juna, tari ma ka yi na gefe ya ji. Ɗauki ranar da ka ba ni labari. Hantsi ya yi, kana kakkaɓe ƙura daga turamen atamfa kana rerawa ƙasa-ƙasa, wannan haƙƙinka ne. Ka ɗaga sifika alhali na damanka yana lissafin bashi, na hagu yana karanta izunsa, to ka shiga haƙƙin wasu ko da bege ka kunna. Gwajin mai sauƙi ne: idan mai saye sai ya maimaita "nawa ne turmi?" kafin ka ji, ƙarar ta yi yawa. Ladan ya kira Azahar, ka kashe ka amsa masa. Ranar Juma'a kuwa da kiran salla na biyu cinikin kansa ma an hana, balle waƙa.

Wasu sukan ce to a musanya da karatun Alƙur'ani a sifika. Yana da kyau idan za ka saurara. Amma a bar karatu yana tashi ana ta tayi da rantse-rantse a kan farashin shadda, wannan bai dace da umarnin yin shiru da ke aya ta 204 a Suratul A'araf ba.

Maganar cewa kai kake korar albarkar layi, babu wanda ya isa ya yanke wannan. Kowane ɗan Kwari ya san bayan Sallah aljihun mutane ya riga ya tafi wajen rago da ɗinki. Ka je ka same shi cikin mutunci, ka ce masa mai kiɗa ka bari, sifika ka rage, rerawar bakinka kuma ya yi maka uzuri. Wallahu a'alam.