Yadda za a yi wa darakta bayanin alkaluman kwatancin kuɗi

Tambaya: Ni akanta ne a wani kamfanin sarrafa shinkafa a Kano. Ɗaya daga cikin daraktocinmu gogaggen ɗan kasuwa ne, amma bai karanci aikin akanta ba, kuma shiru yake yi idan na haska alkaluman kwatanci a majigi. Yaya zan yi masa bayani?

Amsa: Malam, shawarata ita ce ka mayar da kowace lamba zuwa naira da kobo kafin ka ambaci sunanta, domin mutumin da ya daɗe a kasuwa ya san bashi da kaya sarai, gundarin lambar ne kawai ba ya gaya masa komai.

Mu ɗauki ma'aunin da ake rubutawa "current ratio" a allo. A ce kamfaninku yana da naira miliyan 20 a banki, yana bin dillalai miliyan 40, akwai shinkafar miliyan 120 a sito, jimilla miliyan 180, alhali bashin da za ku biya cikin wata 12 miliyan 120 ne. Idan aka raba miliyan 180 ɗin da miliyan 120 za a sami 1.5. Abin da za ka faɗa shi ne: "Ranka ya daɗe, a kan kowace naira ɗaya da ake bin mu bana, muna da naira ɗaya da kobo hamsin."

Kada ka tsaya nan, domin kashi biyu cikin uku na wannan dukiya buhuna ne, kuma banki ba ya karɓar buhu a ranar biya. Ka cire kayan sito a shafi na gaba: miliyan 60 ne suka rage a gaban bashin miliyan 120, wato kobo hamsin kacal a kan kowace naira. A nan ne yawanci irin wannan darakta yake buɗe baki, ya tambayi waɗanne dillalai ne suka wuce kwana 90 ba su biya ba, kuma ya kamata ka zo da amsar a hannu.

Lamba guda ba ta isa hujja ba sai an ajiye ta kusa da wata, kuma a sana'arku kwatancin da ya dace shi ne da irin wannan lokaci na bara, saboda sayen shanshera da kaka yana kumbura sito da bashi a tare.

Gyaɗa kai ba ya nuna an fahimta. Ka tambaye shi abin da zai faru idan kuka ci bashin gajeren zango na miliyan 60 kuka ƙara sayen shanshera. Lissafin zai koma miliyan 240 a kan 180, wato 1.33, kobo hamsin ɗin da aka samu bayan cire kayan sito kuma ya sauka zuwa kusan 33. Idan ya ce sito zai cika amma kuɗin biyan bashi ba su ƙaru ba, to ka wuce zuwa shafin riba.