Kwalin ƙwai ba ya tare ƙarar mota

"Maigida, an kira ni wata makaranta kusa da Kwangila. Ƙarar tireloli da hayaniyar ajin maƙwabta sun hana karatu. Mai makarantar ya ce in manna kwalin ƙwai a bango. In karɓi aikin?"

Kada ka karɓa a haka. Ku yaran yanzu da kun ga abu a waya shi ke nan ya zama ilimi. Ciwo biyu ne a aji, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Akwai ƙarar da ke shigowa daga waje, akwai kuma amsa-kuwwar da ɗakin ke yi da kansa. Shiga ajin lokacin da babu kowa, ka rufe ƙofa, ka tafa hannu sau ɗaya da ƙarfi. In sautin ya ja wutsiya kafin ya mutu, amsa-kuwwa ce, abu mai laushi take so. In kuwa kana tsaye shiru kana jin hon da muryar malamin ɗaya ajin, nauyi ake nema da toshe kafa. Kwali ba shi da nauyi, ga tara ƙura da kyankyasai, ga cin wuta. Ka taɓa jin hirar maƙwabta ta ratsa katangar ƙasa ta tsofaffin gidajen cikin birni? Kaurinta ne ya hana.

Irin wannan aikin ne wani mai makaranta ya cinye mini kuɗi a kansa, har yau ban yafe ba. Aji biyu ne jere, tsakaninsu bulo mai inci 6, gefe ɗaya kawai aka yi wa filasta. Na sa aka kunna rediyo a ɗaya ajin, na hau tsani na ɗaga silin ɗaya, sai ga muryar kamar a kunnena. Birkilan da ya yi ginin ya tsayar da bangon daidai silin, daga nan har kwano fili ne fetal. Sauti na hawa ta silin roba, ya tsallake bango, ya sauko wa yara a ka. Na rubuta wa mai makarantar abu uku: a ɗaga bangon har ya taɓa kwano a cike gibin da kwaɓi, a yi filasta rabin inci gefe biyu saboda bulo tsirara iska na ratsa shi, a kuma cire tagogin luba na ɓangaren titi. Ya ce filasta kaɗai zai biya, sauran son kuɗi ne irin namu. Na yi filastar tsaf. Ƙara ta ragu kaɗan, tunda babbar hanyarta tana nan a buɗe. Sai ya tara malamansa ya ce aikina bai yi ba, ya riƙe cikon kuɗina. Daga baya ya kira wani ya ɗaga bangon nan da na faɗa, yana yabonsa a gari.

To ka bi tsarin nan. Fara da sama, leƙa cikin silin kafin ka faɗi farashi. Sannan taga. Luba ko an rufe ta, tsakanin kowane gilashi biyu kafa ce. A sa taga mai murfi da roba a bakinta, gilashi mai kaurin milimita 6, a cike tsakanin firam da bango. Ƙofa kuma a haska tocila daga waje, duk inda haske ya ɓullo sauti ma nan yake bi, musamman ƙasanta. Amma kada ka toshe aji ruf, zafin Maris da Afrilu zai gasa yara su buɗe komai, aikinka ya tashi a banza. Iska ta shigo ta ɓangaren da ya ba titi baya.

Kuma kada ka yi wa kowa alkawarin shiru. Ko ka ninka nauyin bango, abin da za ka rage a desibel, wato ma'aunin ƙarfin sauti, bai wuce 5 zuwa 6 ba, alhali sai an rage wajen 10 kunne ke jin ƙara ta koma rabi. Rugugin tirela shi ne mafi taurin kai.

Amsa-kuwwa ita ce mai araha. Tayil a ƙasa, siminti a bango, roba a sama, dole murya ta yi ta yawo. Sa silin mai laushi, ka kafa allon manna takardu mai laushi a bangon baya da ke fuskantar malami, ka bar tazarar inci 2 a bayansa. Labule mai kauri, faɗinsa ninki biyu na taga don ya yi tattara. Yadda ake kafa su ba sai na koya maka ba.

Abin da mai makarantar ya ƙi biya, rubuta shi a takarda ya sa hannu, kuma ka karɓi kuɗin kaya kafin ka sauke buhun siminti ko ɗaya.