Tambaya da Amsa: In Tura Mahaɗin Folda ne, ko In Gayyaci Mutane da Sunansu?

Tambaya: "Assalamu alaikum. Ni ce sakatariyar wata ƙungiyar adashe ta mata 40. Na tara takardunmu a folda ɗaya a Google Drive, har da hotunan katin shaidar ɗan ƙasa na mambobi da lambobin asusunsu na banki. Shin in tura mahaɗin foldar a zaurenmu na WhatsApp, ko sai na gayyaci kowa da adireshin imel ɗinsa?"

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Kada ki tura wannan mahaɗi a zaure. Idan kika danna Share, a ƙarƙashin General access za ki ga zaɓi biyu, wato Restricted da Anyone with the link. Na farkon yana buɗe wa waɗanda kika gayyata ne kaɗai, na biyun kuwa ba ya tambayar mai shigowa ko wane ne shi, domin mahaɗin da kansa shi ne makulli, kuma duk wanda ya riƙe shi zai buɗe foldar ko da bai shiga wani asusun Google ba. Gaskiya ne cewa mahaɗin dogon jerin haruffa ne da ba a iya cankarsa, amma ai ba ta canka yake fita ba. Wata za ta tura wa mijinta don ya buga mata takarda a shago, mai shagon ya buɗe a kwamfutarsa, adireshin ya zauna a tarihin burauzar, ko kuwa a sace wayar wata mamba alhali saƙon yana nan a zaure.

Abin da ya fi damuna shi ne, ba za ki iya janye izinin daga hannun mutum ɗaya ba. Mu ɗauka wata mamba ta fice daga ƙungiya bayan an sami saɓani. Cire ta daga zauren WhatsApp bai taɓa foldar ba, tunda mahaɗin yana cikin wayarta, don haka sai dai ki rufe wa kowa gaba ɗaya. Da a ce da adireshin imel kika gayyace ta, sunanta kawai za ki nema a jerin masu izini ki danna Remove access, sauran su ci gaba da aikinsu.

Akwai kuma batun gadon izini, wanda mutane da yawa suke mantawa da shi. Duk fayil ɗin da aka saka a cikin folda yana ɗaukar izinin foldar, har da wanda za a saka nan da shekara guda. Yau kina iya ganin babu komai a ciki sai jadawalin taro, amma ranar da ma'aji ta ɗora takardar bayanin asusun banki, duk mai tsohon mahaɗin zai gan ta ba tare da an sake tura masa komai ba. Lamarin ya fi muni idan aka haɗa buɗaɗɗen mahaɗi da matsayin Editor, wato mai ikon gyara, saboda baƙo yana iya sauya adadin kuɗin da aka rubuta a jadawalin zubi, kuma idan bai shiga asusun Google ba, ko kin duba tarihin gyare-gyaren ba za ki ga sunansa ba. Wata alamar da za ki gane ta ita ce, idan kin buɗe takarda kika ga hoton wata dabba a saman shafi da suna mai farawa da Anonymous, to wani yana ciki ta hanyar mahaɗin.

Shawarata ita ce ki raba foldar biyu, kuma kada ki sa ɗaya a cikin ɗaya. Ta farko ta ƙunshi katunan shaida da lambobin asusu da jadawalin zubi, ki bar ta a Restricted, ki gayyaci shugabanni kaɗai, ki ba ma'aji matsayin Editor, shugaba da mai binciken kuɗi kuwa Viewer, wato mai kallo kawai, ya ishe su. Sannan ki danna alamar saiti da ke saman akwatin Share ki cire zaɓin da ke ba masu gyara damar gayyato wasu. Kowace daga cikin shugabannin za ta buƙaci asusun Google, kuma idan ta ga saƙon You need access, yawanci da wani asusu daban ta shiga a wayarta. Folda ta biyu ta ɗauki tsarin mulkin ƙungiya da sanarwar taro, waɗanda babu illa ko baƙo ya karanta, kuma ita ce za ki iya tura mahaɗinta a zaure da matsayin Viewer.

Idan kuwa kin riga kin tura mahaɗin foldar farko, ki mayar da ita Restricted yau, sannan ki gwada buɗe mahaɗin a wayar wadda ba ki gayyata ba don ki tabbatar ya rufu. Wannan ba zai dawo da abin da aka riga aka sauke ba, saboda haka ki sanar da mambobi su yi hattara da duk mai kiran da ya ambaci lambar katinsu yana cewa daga banki yake.