Gefen doya ya narke, tsakiyarta da tauri: ina matsalar take?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Ni sabuwar amarya ce a Zariya. Duk sanda na dafa doya sai gefenta ya narke cikin ruwa, tsakiyar kuma da tauri. Dankalin turawa ma haka yake yi mini. Maigida ya ce doyar ce ba ta da kyau, mu sauya mai sayar mana. Minti nawa ya kamata ta yi a wuta, kuma wace iri zan riƙa saye?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya ba da zaman lafiya. Kada ku yi saurin rabuwa da mai doyarku. Tunda dankali ma haka yake yi miki, na fi zargin yanka da wuta.

Zafi daga waje yake shiga cikin doya, a hankali, har ya kai tsakiya. Saboda haka kaurin yankan ne ke yanke tsawon dahuwa, faɗinsa ko yawan abin da ke tukunya ba su kai shi tasiri ba. Idan kika ninka kauri, lokacin da zafi zai ɗauka kafin ya isa ciki ya fi ninki biyu. Duk wannan jiran kuwa gefen yana cikin tafasasshen ruwa yana ci gaba da nuna. In yankan ya yi kauri da yawa, kafin ciki ya dahu waje ya gaji ya fara zubewa. Ƙara wuta ba ya gyara komai, domin ruwan da ya tafasa ba ya ƙara zafi komai ƙarfin wutar. Abin da wuta mai ƙarfi take yi kawai shi ne ta riƙa wujijjiga doyar tana buga ta da juna har gefuna su farfashe.

Bari mu ɗauki doya guda matsakaiciya, irin wadda za ta ishe ku ku biyu da baƙo ɗaya. Ki fara yanka ta faifai-faifai, kowane faifai kaurin yatsu biyu, wato kamar santimita 3, sannan ki feraye bawon. Faifan da ya yi faɗi ki raba shi biyu ko huɗu, yadda duk za su zo kusan girma ɗaya. Ki riƙa jefa su cikin ruwa kina yankawa don kada iska ta sauya musu launi. Kan doyar, wato wajen da ta tsiro, ya fi sauran jikin tauri, wani lokaci da ɗaci. Ki yanke ɗan saman ki yar, abin da ke biye da shi kuma ki yanka shi ƙanana fiye da sauran, ki sa shi a ƙasan tukunya.

Ki zuba ruwan sanyi ya ɗan rufe doyar, ki sa gishiri, ki rufe tukunya. Farawa da ruwan sanyi yana sa ciki da waje su ɗumama tare. Da ya tafasa sai ki rage wuta ya koma tafasa a hankali. In gawayi ne ko itace, ki janye kaɗan. Daga wannan tafasar ake fara ƙirga lokaci, ba daga ɗora tukunya ba.

Yanka mai kaurin yatsu biyu yakan nuna cikin minti 15 zuwa 20. Ƙananan gutsattsari irin na fate, minti 10 zuwa 12 sun isa. Manyan yanka masu kaurin yatsu uku zuwa huɗu sukan kai minti 25, har su wuce, kuma su ne suka fi kawo matsalar da kike fama da ita. Dankalin turawa kusan haka yake: wanda aka yanka ƙanana minti 10 zuwa 15, matsakaici da aka bari guda minti 20 zuwa 25, babba guda kuwa ya kai rabin awa ko fiye.

Waɗannan lokutan suna gaya miki ne sanda za ki buɗe tukunya ki duba. Hukuncin na cokali mai yatsu ne. Kamar minti 3 kafin ƙaramin adadin ya cika, ki nemi yanka mafi girma a tukunyar, ki soka cokalin a tsakiyarsa. In ya shige har ciki babu turjiya, kuma da kika ɗaga doyar ta zame ta koma ruwa, ta nuna. In ya shiga da sauƙi sannan ya ci karo da tauri, ko doyar ta maƙale ta biyo cokalin, ki ƙara minti 3 ki sake gwadawa. In kuwa ta rabe gida-gida da taɓawa, ta wuce, ki sauke nan take. Ban cika son gwaji da wuƙa ba, saboda tsininta yana ratsa doyar da ba ta gama nuna ba, sai ya ruɗe ki. In kina shakka, ki ciro guda ki raba biyu. Wadda ba ta dahu ba za ki ga tsakiyarta fari fat, ya bambanta da gefen, kuma tana gurus-gurus a baki.

Da ta nuna ki tsiyaye ruwan duka, kada ki bar ta a ciki kina jiran miya, don tana ci gaba da shan ruwa tana caɓewa. Ki mayar da tukunyar kan wuta kaɗan na kamar minti ɗaya a buɗe, tururi ya fita. In sakwara za ki yi, ki bar ta ta ƙara laushi kaɗan, ki kirɓa da zafinta, domin ɗan taurin da ya rage a tsakiya shi ke zama gudaji.

Batun saye kuwa, ki lura da lokacin shekara. Sabuwar doya da ke shigowa kasuwa wajen watan Agusta tana da ruwa a jiki, tana saurin nuna, tana kuma saurin caɓewa, don haka ki fara gwada ta da wuri. Tsohuwar da ta kwana biyu a ajiye ta fi gari da zaƙi, ta fi jure wuta, ita na fi so wa sakwara. Kowacce ce, ki ɗaga ki ji nauyinta, ki danna ko'ina da yatsa. Inda ya lotsa, ko aka shafe rauni da ƙasa, ruɓa ce ke ciki. Miƙaƙƙiya mai kauri ɗaya daga sama har ƙasa ta fi mai rassa sauƙin yankawa daidai.

Tambaya: Anti, ina sayen dankalin turawa kashi-kashi, manya da ƙanana a haɗe, wasu da kore a jiki. Tafasawa tana gyara koren?

Amsa: A'a 'yar'uwa, ba ta gyarawa. Koren alama ce cewa dankalin ya sha haske, kuma a irin wannan wajen wani sinadari mai ɗaci yakan taru, wanda ke iya ɓata ciki, tafasa kuwa ba ta kashe shi. In ɗan tabo ne, ki feraye shi da zurfi, ki ƙwaƙule tsiron da ya fito. In koren ya mamaye dankalin, ko kin ji ɗaci bayan dahuwa, ki zubar, musamman in yara za su ci. A wajen saye ki roƙi mai dankali ya sauya miki korayen, a gida kuma ki ajiye shi inda babu haske.

Haɗin girma ba matsala ba ne. Ki ɗauki mafi ƙanƙanta ya zama ma'auni, ki yanka manyan su yi daidai da shi. In kuma guda-guda kike so da bawonsu, ki fara sa manyan, bayan sun yi minti 10 suna tafasa ki zuba ƙananan.